Waya Ɗaya, Fitilu Ɗari Biyar: Yadda Shif Rajista Ke Jera Saƙo

Allunan nan masu jan rubutu mai gudu, waɗanda ake kafawa a saman ƙofar kantin magani ko a bangon masallaci don nuna lokutan salla, yawancinsu ana harhaɗa su ne da ƙananan fanel da masu sayarwa ke kira P10. Kowane fanel yana da ƙwayayen fitila 32 a kwance da 16 a tsaye, jimla 512, kuma kowace ƙwaya sai an faɗa mata ta kama ko ta mutu kafin harafi ya fito daidai. Amma idan ka juya bayan fanel ɗin, ban da wayoyi biyu masu kauri da ke kawo wuta, ba abin da za ka gani sai 'yar igiya mai faɗi mai zare 16. A cikin zaren nan kusan rabi duk nagetif ne, wasu kuma na ba da umarni ne. Wanda ke ɗauke da ainihin rubutun guda ɗaya ne tak.

Abin da ke karɓar saƙo ta wannan zare ɗaya ya rarraba shi ga fitilu shi ne wani ɗan baƙin ayisi mai ƙafa 16, an buga masa lamba 74HC595 a baya. Shi da danginsa ana kiransu shif rajista. Aikinsu musaya ce: inda waya ta yi ƙaranci, sai a biya da lokaci. Saƙon da zai ci waya takwas a aika shi a tare, sai a tura shi bi-da-bi ta waya ɗaya cikin taku takwas. Akwai mai karɓa bi-da-bi ya fitar a tare, wanda takardun kamfani ke rubutawa SIPO, akwai kuma mai karɓa a tare ya fitar bi-da-bi, wato PISO. Cikinsu kusan ɗaya ne, ƙofofin shiga da fita ne suka bambanta.

Gurbi takwas a sahu ɗaya

Duk saƙon da na'urar lantarki ke sarrafawa, rubutu ne ko hoto ko murya, a ƙarshe ana mayar da shi jerin 0 da 1. Kowane ɗaya daga cikinsu sunansa bit, takwas kuma su ne bayit ɗaya. A kan waya, 1 na nufin akwai wuta, misali bolt 5, 0 kuma na nufin babu. Cikin shif rajista akwai ƙananan gurabe, kowanne yana iya riƙe bit ɗaya kawai. Injiniyoyi suna kiran irin wannan gurbi filif-filof. Halinsa shi ne ba ya kallon abin da ke bakin ƙofarsa sai a wani ɗan ƙiftawar ido, daidai lokacin da wutar wata waya daban, wayar bugu, ta tashi daga 0 zuwa 1. A wannan lokacin zai kwafi abin da ya tarar a ƙofarsa ya riƙe, kome ya faru bayan nan ba ruwansa, sai wani bugun ya zo.

To a jera irin waɗannan gurabe guda takwas, a haɗa mafitar na farko da mashigar na biyu, ta na biyu da ta na uku, haka har na takwas, sannan a ɗaura su duka a kan wayar bugu ɗaya. Shi ke nan, an gina shif rajista. Wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba dakin ya ga leburori sun yi sahu suna miƙa kwanon kankare hannu da hannu, ya riga ya ga hoton abin. Bambancin kawai shi ne a nan ba wanda ke miƙawa sai shugaban aiki ya buga tsawa, kuma da ya buga, kowa zai miƙa na hannunsa gaba ya karɓi na bayansa a lokaci guda. Wani kwanon cike yake, wato 1, wani kuma fanko, wato 0, amma duk sai an miƙa.

Wannan lokaci guda ɗin shi ne jigon abin. Kowane gurbi yana kwafar tsohon abin da maƙwabcinsa ke riƙe da shi, kafin maƙwabcin ya sauya. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne gurbi yakan ɗan yi jinkiri na 'yan nanosakan kafin sabon abin da ya kwafa ya bayyana a mafitarsa, kuma kafin nan na gaba ya riga ya gama kwafarsa. Da ba don wannan ɗan jinkiri ba, bit ɗaya zai zarce daga farkon sahu zuwa ƙarshe a bugu ɗaya, ya shafe kowa.

Mu tura 178

A 74HC595 saƙo na shiga ta ƙafa ta 14, wadda ake rubutawa SER. Wayar bugu ita ce ƙafa ta 11, SRCLK. Mafita takwas kuma suna da sunaye daga QA zuwa QH: QA tana ƙafa ta 15, sauran bakwai suna ƙafa ta 1 zuwa ta 7. A ce mun ɗaura wa kowace mafita fitila, muna so mu nuna lamba 178. A lissafin 0 da 1, 178 ita ce 10110010, domin 128 da 32 da 16 da 2 in an tara su 178 suke bayarwa. Za mu fara turawa daga hagu, wato daga bit mafi nauyi. Mu sa 1 a SER, mu buga. Mu sa 0, mu buga. Ga yadda gurabe za su kasance bayan kowane bugu, idan da farko duk 0 suke riƙe da shi:

```
     SER   QA QB QC QD QE QF QG QH
1     1     1  0  0  0  0  0  0  0
2     0     0  1  0  0  0  0  0  0
3     1     1  0  1  0  0  0  0  0
4     1     1  1  0  1  0  0  0  0
5     0     0  1  1  0  1  0  0  0
6     0     0  0  1  1  0  1  0  0
7     1     1  0  0  1  1  0  1  0
8     0     0  1  0  0  1  1  0  1
```

Ka bi 1 ɗin farko da ido, za ka ga yana gangarawa a karkace, taku ɗaya a kowane layi, har ya isa QH a bugu na takwas. Wanda ya fara shiga shi ne ya fi yin nisa. Idan ka karanta layin ƙarshe daga QH ka dawo QA, za ka samu 10110010. Saƙon da ya shigo a jere cikin lokaci yanzu ya baje a kan waya takwas, ana iya ganinsa duka a kallo ɗaya.

Daga wannan jadawali kaɗai ana iya gane yawancin kurakuran da ake yi. Idan aka fara turawa daga dama maimakon hagu, fitilun za su nuna 01001101, wato 77, hoton 178 a madubi. Ayisin bai yi laifi ba, shi bai ma san akwai wata lamba 178 ba. Mai turawa da mai ɗaura wayoyi ne ba su yi shawara kan wanda zai shiga gaba ba. Idan bugu ɗaya ya ɓace aka tsaya a na bakwai, za a ga 89, rabin 178 daidai. Idan kuma wani bugu ya ƙaru, aka yi tara da 0 a ƙofa, 1 ɗin farko zai faɗa waje, a bar 01100100, wato 100. Wannan ba wani abin mamaki ba ne: matsar da lamba taku ɗaya zuwa wajen masu nauyi ninka ta biyu ne, 356 ke nan, amma gurbi takwas ba sa ɗaukar abin da ya wuce 255, sai aka yi asarar 256. Saboda haka mai gyara da ya ga lamba ta fito rabi ko ninki, ya bar zargin wayar saƙo, ya duba wayar bugu.

Sakatar da ke hana a ga tafiya

Akwai matsala a jadawalin nan. Idan fitilu suna ɗaure kai tsaye da guraben, duk layuka takwas ɗin sai sun bayyana a kansu, ba na ƙarshe kaɗai ba. Fitilar QA, wadda ya kamata ta zauna a kashe, za ta kama ta mutu sau uku kafin a gama. Ga fitila wannan ɗan walƙiya ce kawai, wani lokacin ma sai dai ka ga wadda aka kashe tana ɗan haske dishi-dishi. Amma idan abin da ke kan QA injin ban ruwa ne ko makullin ƙofa, ka ga abin ya wuce wasa. Wani ɗan uwan wannan ayisi, 74HC164, haka yake, guraben nasa a buɗe suke, kuma shi ya sa ba a cika sa shi inda walƙiyar za ta yi ɓarna ba.

Maganin da 74HC595 ya zo da shi shi ne sahu na biyu na gurabe takwas, a tsakanin sahun farko da ƙafafun fita. Wannan sahu ba ya tura kome gaba. Yana da tasa wayar bugun, ƙafa ta 12, RCLK, wadda masu aiki ke kira lac, kuma aikinta na sakata ne. Muddin ba a taɓa ta ba, fitilu suna nan a kan tsohon saƙo, ko da a ciki ana ta jere da sabon. Sai an gama bugu takwas a ɗaga ta sau ɗaya, sahu na biyu ya kwafi na farko gaba ɗaya, fitilu takwas su sauya tare. A kan Arduino duk wannan layi uku ne:

```
digitalWrite(latchPin, LOW);
shiftOut(dataPin, clockPin, MSBFIRST, 178);
digitalWrite(latchPin, HIGH);
```

Kalmar `MSBFIRST` ita ce ke cewa a fara da mafi nauyi. A sauya ta da `LSBFIRST`, a ga 77. Wasu don tattalin ƙafa sukan haɗa RCLK da SRCLK a waya ɗaya. Yana aiki, amma sahu na biyu zai riƙa bin na farko a baya da taku ɗaya, don haka sai an ƙara bugu na tara, kuma an yi asarar amfanin sakatar gaba ɗaya. A ganina tattalin bai kai ba.

Arduino Uno ƙafafun dijital 14 gare shi. Da uku daga ciki an samu mafita takwas. Ribar gaske kuwa tana ƙafa ta 9, QH', wadda ke fitar da abin da ke gurbin ƙarshe na sahun farko. A haɗa ta da SER na wani 74HC595, a ɗaura su biyun kan SRCLK ɗaya da RCLK ɗaya, an samu sahu mai gurbi 16, har yanzu da waya uku. A ƙara na uku, na huɗu, waya ba ta ƙaruwa, bugu ne kawai ke ƙaruwa. Abin tunawa shi ne bayit ɗin da aka fara turawa yana tafiya ne wurin ayisin da ya fi nisa.

Haka fanel ɗin P10 mai launi ɗaya yake. A irinsa da aka fi sani akwai 74HC595 guda 16 a sarƙe, mafita 128 ke nan, rubu'in 512. Dabarar ita ce ba a kunna layuka 16 duka a lokaci guda. Ana tura bit 128, a ɗaga sakata, a kunna layuka huɗu. A tura wasu 128, a kunna wasu huɗun, haka har zagaye huɗu, sannan a koma farko. Zaren A da B na igiyar su ne ke zaɓar layukan da za su kama. Idan an jera fanel huɗu a sarƙa ɗaya, kowane zagaye bit 512 ne. Da bugu miliyan ɗaya a sakan, zagayen zai ci kusan rabin milisakan, hoto cikakke kuma milisakan biyu da 'yan kai, wato ana sake zana allon kusan sau 490 a sakan. Ido ba ya kama wannan, amma kyamarar waya takan kama, shi ya sa hoton irin allon nan kan fito da ratsi-ratsi.

Wanda ya san wannan tsari yana iya karanta cutar allo daga tsaye. Kowane ayisi yana kula da wani yanki mai ƙwaya takwas a kwance, huɗu a tsaye. Idan yanki ɗaya mai wannan girman ne ya lalace alhali sauran lafiya, ɓangaren fitar ayisin wurin ne ya ƙone, amma yana miƙa saƙo gaba. Idan daga wani wuri zuwa ƙarshen allo duk ya rikice, sarƙa ce ta tsinke, kuma mai laifin yana daidai iyakar mai kyau da marar kyau: ko ayisin ƙarshe da ya nuna daidai bai miƙa ba, ko na gabansa bai karɓa ba, ko igiyar da ke tsakanin fanel biyu ta saki. Idan kuwa layi ɗaya cikin kowane huɗu ne ya ɓace a duk faɗin fanel, to ba ruwan shif rajista, a duba ɓangaren da ke zaɓar layi.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

74HC595 na aiki da wuta daga bolt 2 zuwa 6, kuma duk abin da ƙafafunsa takwas za su ja in an haɗa bai kamata ya wuce miliamfa 70 ba. Jar fitila ƙarama takan riƙe kusan bolt 2, saura 3 su faɗa kan resista. Da resista mai om 470 kowace fitila za ta ja miliamfa 6 da ɗan ɗori, takwas su tashi kusan 51, lafiya lau. Da mai om 220, wadda ita ce ta fi yawo a zane-zanen koyo, lissafin kan haura 100 idan duk sun kama. Sau da yawa ayisin yakan jure, ya yi ɗumi, ya ci gaba da aiki, sai mutum ya ɗauka daidai ya yi, har ranar da wata ƙafa ta mutu. Rile ko ƙaramin inji kuwa ba a ɗaura masa su kai tsaye, sai an sa ULN2803 a tsakani, ko a ɗauki TPIC6B595 wanda aka ƙera don ɗaukar kaya masu nauyi.

Sannan idan aka kawo wuta, guraben ba su da wani tabbataccen abin da suke farkawa da shi, kowanne na iya tashi da 0 ko 1. A inda wutar ke ɗaukewa ta dawo sau da yawa a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙafa ta 13, OE, ita ce magani: idan tana kan 1, mafita takwas duk a katse suke. Sai a ja ta sama da resista mai om dubu 10, a bar ta haka har a tura sifili takwas a ɗaga sakata, sannan a sauke ta. Ƙafa ta 10, SRCLR, ita kuma tana share sahun farko idan ta sauka 0, don haka in ba a amfani da ita a ɗaure ta da wuta. Wadda aka bari tana lilo takan share saƙo da an kai hannu kusa. Kowane ayisi kuma yana son ƙaramar kafasita mai nanofarad 100 daf da ƙafafun wutarsa, 16 da 8. Rashinta, ko doguwar wayar bugu, su ne suka fi haifar da bugun ƙarya da ke ninka lamba.

Ɗaya hannun: maɓallai takwas, waya ɗaya

Yanzu a juya buƙatar. Akwai maɓallai takwas, ana so a san wanne aka danna, amma ba ƙafa takwas da za a ba su. Nan ne wurin 74HC165. Shi ma sahun gurabe takwas ne, sai dai kowane gurbi yana da ƙofar gefe da ke kallon waje, daga A zuwa H, kuma akwai ƙafa ta 1, SH/LD, mai zaɓar ƙofar da za a saurara. Idan aka sauke ta 0, kowane gurbi zai kwafi abin da ke ƙofar gefensa nan take, ba tare da jiran bugu ba. Idan aka mayar da ita 1, ƙofofin gefe sun rufe, sahu ya koma miƙawa gaba, saƙo na fita ɗaya bayan ɗaya ta ƙafa ta 9, QH. Kowane maɓalli yana bukatar resistar da za ta riƙe ƙofarsa a kan 1 idan ba a danna shi ba, dannawa kuma ta kai ta 0. In babu resistar, ƙofar za ta riƙa karanta duk abin da iska ta kawo.

Akwai wani tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Da zarar an ɗora saƙo, bit ɗin H ya riga ya zauna a QH tun kafin a yi bugu ko ɗaya. Wato sai a karanta tukuna, sannan a buga. Umarnin `shiftIn` na Arduino kuwa bugawa yake fara yi sannan ya karanta, saboda haka idan wayar bugu tana kan 0 lokacin da aka kira shi, H zai salwanta. Alamar a bayyane take: maɓalli ɗaya ba ya amsawa sam, sauran bakwai kuma kowanne na amsa sunan maƙwabcinsa. Rubuta karatun da hannu ya fi sauƙin bi:

```
digitalWrite(loadPin, LOW);
digitalWrite(loadPin, HIGH);
for (int i = 0; i < 8; i++) {
  x = (x << 1) | digitalRead(dataPin);
  digitalWrite(clockPin, HIGH);
  digitalWrite(clockPin, LOW);
}
```

Ka lura da `x << 1`. Wannan shi ma shif rajista ne, mai karɓa bi-da-bi, amma a cikin manhaja. Duk inda aka warware saƙo ya zama jere, akwai wani a ɗaya bakin da ke sake tara shi.

Wata shahararriyar PISO tana cikin hannun wasan kamfanin Nintendo, na'urar da ta fito a Japan a 1983 da sunan Famicom, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Hannun yana da maɓallai takwas, kuma abin da ke cikinsa bai wuce ayisi ɗaya mai lamba 4021 ba. Igiyar hannun NES waya biyar ce: wuta, nagetif, sakata, bugu, saƙo. Wasa yakan karanta hannun a kowane hoto, kusan sau 60 a sakan, kuma maɓallan na fitowa a tsari ɗaya kullum: A, B, Select, Start, sama, ƙasa, hagu, dama.

Na'urar tana da wani aibu da ya nuna abin da bugu ɗaya ke iya yi. A samfurin Japan da Amurka, idan ɓangaren da ke kunna sautin da aka naɗa ya katse ƙwaƙwalwar na'urar daidai lokacin da take karanta hannu, sai a yi wa 4021 bugun da ba a lissafa da shi ba. Bit ɗaya ya faɗi, duk na bayansa su matso gaba da taku ɗaya. Karatu na takwas, wanda ya kamata ya zama na dama, sai ya ɗauko abin da ke bayan sahu, kuma a hannun asali na kamfanin wannan yana fitowa tamkar an danna. Mai wasa sai ya ga ɗan mutuminsa ya zabura dama ba tare da ya taɓa kome ba. Masu rubuta wasanni irin su Super Mario Bros. 3 ba su da halin gyara na'urar, sai suka sa wasan ya riƙa karanta hannun yana maimaitawa har sai karatu biyu a jere sun zo ɗaya.

Idan babu wayar bugu

A duk misalan nan akwai waya ta musamman mai ɗauke da bugu. Ana iya yar da ita ma. Hanyar UART, wadda Arduino ke magana da kwamfuta da ita, PISO ce a bakin mai aikawa da SIPO a bakin mai karɓa, kowanne da nasa agogon, sai dai sun yi alkawari kan sauri tun farko. A saurin 9600, kowane bit na ɗaukar kusan maikurosakan 104. Waya na zaune a kan 1 idan ba magana. Mai aikawa zai sauke ta 0 na tsawon bit ɗaya a matsayin sallama, ya biyo da bit takwas, a nan kuma mafi sauƙin nauyi ne ke shiga gaba, sannan ya rufe da 1. Taku goma ke nan don bayit ɗaya, haruffa 960 a sakan. Mai karɓa, da ya ga saukar farko, sai ya fara ƙirga lokaci yana leƙa waya a tsakiyar kowane bit.

Tunda agogo biyu ne, dole su ɗan saɓa, kuma saɓanin yana taruwa daga bit zuwa bit. Kafin a kai na ƙarshe bai kamata ya kai rabin bit ba, wanda ke nufin bambancin agogon biyu kada ya wuce kusan kashi 5 cikin ɗari, a aikace ma ana neman ƙasa da haka. Kowane sabon bayit yana sake daidaita ƙirgen daga sallamarsa, shi ya sa kuskuren ba ya bin saƙo har ƙarshe. Wanda ya buɗe tagar karatu a saurin 9600 alhali na'urarsa na aikawa a 115200, tarkacen haruffan da zai gani daga nan suke: waya lafiya, saƙo lafiya, lokacin leƙawa ne ya kauce.

Mutum zai zaci waya takwas a tare dole su fi waya ɗaya sauri, kuma a ƙaramin gudu haka ne. Idan gudu ya yi yawa lissafin kan juye. Wayoyin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa isar da saƙo a lokaci ɗaya cif, wata takan riga wata da ɗan kaɗan, kuma kowace na shigar wa maƙwabciyarta da hayaniya. Dole mai karɓa ya jira mafi jinkirinsu, wannan jiran kuma shi ke sa iyaka. Tsohuwar igiyar IDE ta hadis ɗin kwamfuta, mai faɗin nan mai rami 40, tana ɗaukar bit 16 a tare, kuma ta tsaya a megabayit 133 a sakan. SATA da ta gaje ta daga 2003 zare bakwai ne, biyu na aikawa, biyu na karɓa, uku nagetif, kuma ta fara ne daga megabayit 150. A bakinta akwai PISO da ke warware bit goma-goma cikin bugu biliyan ɗaya da rabi a sakan. Goman nan takwas ne na saƙo. An faɗaɗa su zuwa goma ne don kada 0 ko 1 su yi dogon jere ba sauyi, domin daga sauye-sauyen wutar ne mai karɓa ke tsamo bugun da zai tura nasa sahun da shi.